Kwalin ya ce sau 525, jumel ɗin ya ce sau 10: wanne zan saya?

Sa'adu (Tawa): Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Ɗiyata mai shekara 12 ta dame ni da zancen taurari tun da aka yi musu darasin wata a makaranta, ni ma kuma gaskiya abin yana ba ni sha'awa. Ƙanena da ke Yamai ya shiga wani shago ya turo mini hoton abu biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko teleskof ne a kwali mai hoton Zuhal da zobensa, an rubuta 525x da manyan baƙaƙe, a gefe kuma `D=60mm F=700mm`. Na biyu jumel ne, an rubuta `10x50`. Ni dai lissafina, 525 ya fi 10 nesa ba kusa ba. Kafin in tura kuɗi na ce bari in ji ta bakinku.

Bubakar mai gyaran waya: Wa alaikumus salam. Yaya Sa'adu wannan ai ba abin tambaya ba ne. Jumel na makiyaya ne da masu kallon kokowa daga bayan fili. Sau goma me zai nuna maka a sama? Ɗauki teleskof kawai.

Malam Habu: Ni ma ina da buƙata a nan. Wanne ya fi kamo jinjirin wata daren duba? Bara mun tsaya bayan gari har magariba ta wuce ba mu ga komai ba, sai a rediyo muka ji.

Mushe Isufu: Salamu alaikum. Sa'adu, kada ka tura kuɗin tukuna. Ka ce wa ƙanenka ya buɗe kwalin ya karanta maka abin da aka rubuta a jikin ƙananan gilasan da ake sa ido a kansu. Za su kai biyu ko uku, kamar murfin kwalba. Malam Habu ina zuwa kanka, in sha Allah.

Sa'adu: To Mushe, ya duba. Ya ce akwai `H20mm`, da `H12.5mm`, da `SR4mm`, sai wani ɗan bututu mai rubutun `Barlow 3x`.

Mushe Isufu: Haka na zata. To bari mu yi lissafin tare, ka ga inda 525 ɗin ya fito.

Teleskof shi kansa ba shi da wani ninki ƙayyadadde. Babban gilashin gaba yana tara haske ya haɗa shi a wuri guda can bayansa, kuma nisan da ke tsakanin gilashin da wurin haɗuwar shi ne 700 ɗin da ka gani. Ƙaramin gilashin da kake sa wa ido shi ke buɗa wannan hoton. Ninkin yana fitowa ne idan ka raba na farko da na biyu:

```
700 / 20   = 35
700 / 12.5 = 56
700 / 4    = 175
175 x 3    = 525
```

Ka gani, ba ƙarya suka yi a lissafi ba. Sun ɗauki mafi ƙanƙantar gilashin, suka ɗora masa bututun nan mai ninkawa uku, suka buga a kwali. Da sun sa gilashi mai milimita 2 da sun rubuta 1050. Ninki abu ne mai araha, kowa yana iya ƙirƙiro shi. Abin da ke da tsada shi ne ɗaya lambar da suka rubuta ƙarama a gefe, wato 60, faɗin gilashin gaba. Shi ke yanke yawan hasken da zai shigo, shi ke yanke ƙanƙantar abin da za a iya bambancewa.

Ƙa'idar da masu wannan harka ke bi ita ce faɗin gilashi a milimita sau biyu. Naka 60 ne, iyakarsa kenan 120, shi ma a daren da iska ta kwanta kuma idan gilashin mai kyau ne. Saboda haka cikin kayan kwalin nan, 35 da 56 ne za su yi maka aiki. Mai milimita 4 ya riga ya wuce iyaka tun kafin a sa masa bututu.

Bubakar mai gyaran waya: Mushe da girmanka, amma ban gane ba. In dai abu ya ƙara girma ai dole in ƙara ganinsa. Ta yaya girma zai zama illa?

Mushe Isufu: Kai ne ma ya kamata ka fi kowa ganewa, Bubakar. Ɗauki hoton da tsohuwar waya ta ɗauka, na mutum a nesa, ka sa yatsu biyu ka yi ta buɗa shi. Fuskar tana cika allon, amma ka ga ƙwayar idonsa? Sai dai dishi-dishi mai girma. Abin da kyamara ba ta kamo ba, buɗawa ba ta ƙirƙiro shi.

Bari in ba ka shi da adadi a kan wata. Wata yana nesa da mu kamar kilomita 384,000. Gilashi mai faɗin milimita 60, ko da ba shi da aibi ko ɗaya, ba ya iya raba abubuwa biyu a kan wata idan tsakaninsu bai kai kilomita uku da rabi ba. Wannan daga yanayin haske ne, ba laifin kamfani ba. To a ninki 60 mai kaifin ido ya riga ya fara ganin duk abin da gilashin ya iya kamowa. A 120 yana ganinsa cikin sauƙi, ba sai ya matse ido ba. Daga nan zuwa sama ba sabon rami ko dutse da zai bayyana.

Kuma ba a banza kake hawa ba, akwai abin da kake biya. Daga 35 zuwa 525 ninki 15 ne a tsawo, 15 a faɗi. Hasken da ya shigo bai ƙaru ba, amma an baza shi a fili mai girma sau 225. Hoton sai ya yi duhu.

Laminu (Yamai): Barka da dare Mushe, ɗalibinka ne. Irin wannan teleskof ɗin nake da shi, sak, wani kawuna ya ba ni. Abin da Mushe ya faɗa haka yake, amma akwai wanda ya fi duhun ban haushi. Da gilashin 20, idan na saita tauraron Mushtari, yana ɗaukar kamar minti huɗu kafin ya fita daga gefe. Da na sa na 4 da bututun, kafin in gama murza abin gyaran gani ya tsere. In taɓa teleskof ɗin don in bi shi kuma, sai komai ya kama rawa har in rasa inda yake.

Sa'adu: Tsere kamar yaya? Tauraro yana gudu ne haka?

Mushe Isufu: Mu ne ke juyawa. Duniya tana zagaye digiri 360 a kwana guda, wato digiri ɗaya kowane minti huɗu. A ninki 35 irin wannan gilashin yana nuna maka fili kamar digiri ɗaya, shi ya sa Laminu yake samun minti huɗu. A 525 filin ya ragu sau 15. Raba daƙiƙa 240 gida 15, ka samu 16. Daƙiƙa 16 kenan, daga gefe zuwa gefe, idan ma ka yi sa'ar kama shi tun daga bakin. Ka ce "zo ki gani", kafin yarinya ta sa ido ba komai.

Rawar da ya ambata kuma ita ma ninkuwa take yi. Teleskof ba ya zaɓen abin da zai ƙara wa girma. Motsin hannu, bugun iska a jikin bututu, zafin da ke tashi daga rufin kwano ko kankare da rana ta gasa, duka yana ninka su daidai da yadda yake ninka tauraron. Ƙafafun da ake haɗowa da irin waɗannan kwalaye galibi siraran ƙarfe ne marasa nauyi, su ne ma suka fi gilashin kashe wa mutane gwiwa.

Malam Habu: Mushe ka manta da ni.

Mushe Isufu: Afuwa Malam. Ga aikinka jumel ya fi, ba tantama. Ba ka san takamaiman inda jinjirin yake ba, nema kake yi, kuma mai nema fili mai faɗi yake buƙata. Jumel 10x50 yana nuna kamar digiri shida zuwa shida da rabi, wato a jera wata goma sha biyu ko sha uku gefe da gefe. Teleskof ɗin can, a mafi ƙanƙantar ninkinsa, wata biyu ne kawai ke shiga. Amma roƙo ɗaya nake yi maka: kada a ɗaga jumel zuwa yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Haɗuwa guda da rana ta cikin gilashi tana iya ƙona ido, kuma sau da yawa ba a warkewa.

Malam Habu: To ganin da aka yi da gilashi, ana karɓarsa a matsayin shaida?

Mushe Isufu: Wannan kuma fagenku ne na malamai, ni fizik na koyar. Abin da zan ce kawai, mutane da yawa suna fara gano shi da jumel, sannan su sauke su neme shi da ido a daidai wurin.

Laminu: Tun da an ambaci rana, yaya Sa'adu a duba kwalin ko akwai wani ɗan baƙin gilashi da aka rubuta wa `SUN`, wanda ake murɗawa a jikin gilashin ido. Nawa ya zo da shi. A jefar. Yana zama ne daidai inda zafin rana ke taruwa, yana iya tsagewa ido na kai.

Zainabu (Yamai): Salama jama'a. Ni nawa daban ne, ku yi haƙuri in shigo. Ina da jumel da maigidana ya sayo a hanya, an rubuta `60x60`, gilasan gaba jajaye suna ƙyalli. Da rana ba laifi, amma in na kalli tauraro sai in ga biyu, in na daɗe kuma kaina ya yi ciwo. Na ɗauka ƙarfinsa ne ya yi wa idona yawa, tun da sau 60 ne.

Bubakar mai gyaran waya: Sau 60 a hannu? Hajiya ko ni da ban san harkar ba na ga da wuya. Yana da girma?

Zainabu: A'a, yana shiga jakata.

Mushe Isufu: Ɗiyata Zainabu, nemo rula ta yara ki yi mana awo biyu. Ki auna faɗin gilashin gaba guda ɗaya, gilashin kawai ban da baƙin robar da ke kewaye. Sannan ki riƙe jumel ɗin nesa da fuskarki kamar tsawon hannu, ki fuskantar da shi ga bango mai haske. A kan kowane gilashin ido za ki ga ɗan da'irar haske. Ki auna faɗinta.

Zainabu: Na gaban milimita 35 ne. Ɗan hasken kuma 4, ko ya ɗan fi kaɗan.

Mushe Isufu: To raba 35 da 4, bai kai 9 ba. Jumel ɗinki sau takwas ne, gilashinsa 35. Ba 60 ko ɗaya a jikinsa sai a fenti. Da da gaske 60x60 ne, da wannan da'irar milimita ɗaya za ta zama, kamar ɗigon biro. Ka ga Sa'adu, wannan awon kowa yana iya yinsa a cikin shago: faɗin gilashin gaba a raba da faɗin da'irar, shi ne ninkin gaskiya. Na 10x50 dole ka samu 50 a gaba, 5 a baya.

Ciwon kan kuma ba daga ƙarfi ba ne. Jumel ƙananan teleskof biyu ne da aka haɗa, kuma dole su kalli wuri ɗaya daidai. A cikin naki wani gilashi mai kusurwa ya goce, ko faɗuwa ya yi ko haka ya fito daga masana'anta. Da rana idanunki suna ƙoƙari su haɗa hotunan biyu da ƙarfin tsiya, shi ne ciwon. Da dare tauraro ɗigo ne a cikin duhu, ba abin da ido zai jingina da shi, sai ya rabu biyu.

Bubakar mai gyaran waya: Wannan ana gyarawa. Akwai ƙananan kusoshi ƙarƙashin robar, na taɓa buɗe wani na gani. A kawo mini.

Mushe Isufu: Akwai su a wasu, gaskiya ne. Amma da hannu kana iya daidaita shi ga tazarar idanunka kai kaɗai, wani ya buɗa ko ya matse sai ya sake rabuwa. A wasu masu arha kuma da gam aka manne gilashin. Tun da ya riga ya lalace ba asara a gwadawa. Sabo dai kada a saya da niyyar gyara.

Laminu: Mushe ni a nan zan ɗan saɓa maka, ka yi haƙuri. Na ga zancen yana karkata ga jumel, amma a tuna abin da ke jikin kwalin da ya ja hankalinsu: zoben Zuhal. Jumel sau 10 ba zai nuna shi ba har abada, sai dai ka ga tauraron kamar ya ɗan yi tsawo. Ni da wannan teleskof ɗin da ake rainawa, a ninki 56, na ga zoben, ƙarami ƙwarai amma zobe ne sosai. Na ga Zara ta zama kamar jinjirin wata. Na ga ramukan wata da inuwarsu. Yarinya mai shekara 12 abin da za ta ba ƙawayenta labari kenan. Galileyo a 1610 da ninki kamar 20 ya gano watannin Mushtari huɗu, kuma gilashinsa bai kai wannan ba.

Mushe Isufu: Ban musa ko ɗaya ba, Laminu. Ban ce teleskof ɗin shara ne ba, na ce sau 56 ne aka yi wa laƙabin 525. Wanda ya saye shi da sanin haka, ya yi masa ƙafa mai nauyi, zai more shi a kan wata da Mushtari da Zuhal. Mushtari a ninki 40 yana kai girman da wata yake da shi ga ido kawai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zuhal dai a sani, a watan Maris na 2025 zobensa ya juyo mana da kaifinsa har ya ɓace wa ƙananan gilasai, kuma a hankali yake sake buɗewa, sai wajen 2032 zai kai cikar buɗewarsa. Kada a sa ran hoton kwali.

Abin da nake tambaya shi ne, wa zai nemo musu Zuhal ɗin? Kai ka sha wuya kafin ka iya. Sa'adu da ɗiyarsa ba su san sama ba tukuna. Jumel kana ɗagawa ka ga abin da kake kallo, a miƙe, ba a kife ba. Kuma yana da nasa abubuwan da teleskof ɗin ba zai nuna da kyau ba. Kaza da ƴaƴanta, da ido shida ko bakwai ake ƙirgawa, a 10x50 gommai ne, kuma duka garken yana shiga fili ɗaya. Ƙwayar ido a duhu tana buɗewa kamar milimita 7 ga matashi, gilashin 50 kuwa yana tara haske kamar sau 50 na wannan. Wannan 50 ɗin ne ke fito da taurarin da ba a gani, ba 10 ɗin ba. Watannin Mushtari ma ana ganinsu, biyu ko uku, wani dare huɗu, idan an jingina gwiwar hannu a kan katanga. Gobe ka sake dubawa ka tarar sun sauya wuri, don na kusa da shi bai cika kwana biyu yake kewaye shi ba.

Laminu: Yanzu ai akwai manhajar Stellarium a waya, Mushe. Ka ɗaga ta nuna maka inda komai yake.

Mushe Isufu: Tana nuna maka yankin. Shigar da ɗigon cikin fili mai digiri ɗaya da ƙafa mai rawa, wannan hannunka ne zai yi.

Bubakar mai gyaran waya: To in jumel ne, a ɗauki mai zum mana, na ga wani `10-30x50`. Ka ga an haɗa biyun, a nema da 10 a kalla da 30.

Mushe Isufu: Tunanin daidai ne, haka ake yi da teleskof, a nemo da ƙaramin ninki sannan a sauya gilashi. Amma a jumel ba ya fita. Masu zum filinsu ƙunci gare shi tun a 10, suna saurin gocewa irin na Zainabu, kuma sau 30 ba mai riƙe shi a hannu. Yawancin mutane daga 10 zuwa 12 hannunsu yake ƙarewa.

Zainabu: Ni in ƙara abu ɗaya a matsayin uwa. 10x50 yana da nauyi, yana kusan kilo. Yarinya ta ɗaga shi sama minti biyu hannunta zai gaji. Nawa na ƙaryar nan da ya tashi sau takwas, yarana suna riƙe shi ba wahala.

Mushe Isufu: Magana mai kyau. Idan akwai 8x40 ko 8x42 na kirki a shagon, a duba shi. Da'irar haskensa ma kamar 5 ce, bai kai nauyin wancan ba, rawarsa kaɗan ce. Za a rasa wasu ƙananan taurari. Ni da kaina 10x50 nake so, a shimfiɗa tabarma a kwanta rigingine, a sa matashi a ƙarƙashin kai.

Laminu: Ni 7x50 aka ce mini shi ne na dare.

Mushe Isufu: Gare ka mai ƙuruciya, a ƙauye mai duhu, e. Da'irarsa 7 ce. Ni idona yanzu da wuya ya buɗe fiye da 5, sauran hasken a gefen ƙwayar yake zubewa. Cikin Yamai da fitilunta ma idonka ba zai kai 7 ba.

Sa'adu: Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Ga abin da zan tura wa ƙanena, a gyara mini in na yi kuskure. Ya auna gilashin gaba ya ga 50 ne. Ya duba da'irar haske ta kai 5. Ya fita ƙofar shago ya kalli abu mai nisa, falwaya ko eriya, ya rufe ido ɗaya ya buɗe ɗaya ya ga ko hoton yana tsalle.

Mushe Isufu: Daidai, sai dai ɗan matsawa hagu da dama ba komai ba ne, wanda ke hawa sama da ƙasa shi ne mugun. Ya kuma girgiza shi kusa da kunne, kada a ji wani abu na motsi ciki. Mai jajayen gilasai a bar shi, wannan fentin yana mayar da haske waje, mu kuwa hasken muke nema. In ya iso Tawa, hunturu na tafe: kada a goge ƙura da bakin riga ko rawani, yashi ne, yana karce gilashi. A hure ta tukuna, a riƙa mayar da murafu. Kuma daren da hazo ya rufe, kada ka ɗora wa jumel laifi.

Laminu: Ni dai har yanzu da ni ne, teleskof zan ɗauka, in kai wa kafinta ya yi mini ƙafar katako. Yaya Sa'adu in kun shigo Yamai hutu ka zo da ita ta leƙa nawa, sai ta faɗi da bakinta wanda ta fi so.

Malam Habu: To a tambayar mini kuɗin jumel ɗin, in akwai biyu a ajiye mini ɗaya kafin Sha'aban.

Sa'adu: Ya ce guda ɗaya ya rage, Malam, amma mai shagon ya ce zai kawo wasu. Laminu, ƙafar katakon nan nawa kafinta zai ci?